Suna biyu, mutum ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan takardar rantsuwar tabbatar da suna

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi fitowa daga bakin mutanen da banki, ko makaranta, ko ofishin fansho ya mayar da su gida saboda sunan da ke kan wata takardarsu bai yi daidai da na wata ba. Amsoshin sun dogara ne da yadda abin yake a Najeriya.

Mece ce wannan takarda, kuma me take cewa?

Takarda ce da mutum yake rantsewa a kanta gaban wanda doka ta ba izinin karɓar rantsuwa, yana cewa sunan da aka rubuta ta wannan siga a takarda kaza, da wanda aka rubuta ta waccan siga a takarda kaza, duk nasa ne, kuma shi mutum ɗaya ne. A harabar kotu za ka ji ana ce mata afidabit. Da Turanci ake buga ta, kuma a samanta yawanci za ka ga an rubuta AFFIDAVIT OF ONE AND THE SAME PERSON, wasu kotunan kuma su sa AFFIDAVIT OF CONFIRMATION OF NAME.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne, takardar bayani take yi, ba gyara ba. Idan ka rantse yau, sunan da ke kan satifiket ɗinka na sakandare bai canza ba, na banki ma yana nan yadda yake. Abin da ka samu kawai shi ne hujjar da za ka miƙa wa mai duba takardunka, ko wa hukumar da ke da ikon gyara nata rikodin.

Me ya sa matsalar ta yi mana yawa haka?

Saboda sunayenmu na Larabci ba su da rubutu ɗaya tilo a boko. Hedimasta ya rubuta Mohammed, ma'aikaciyar asibiti ta rubuta Muhammad, yaron da ya cike maka fom a shagon kwamfuta ya taƙaita ya sa Moh'd. A'isha ta koma Aisha ko Aishatu, Sa'adatu ta rasa alamar da ke tsakiyar sunanta domin na'ura ba ta karɓa, Ɗanladi ya zama Danladi. Ga kuma al'adar makarantun da ta liƙa wa yaro sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, shi ya sa za ka ga wa yana amsa Gusau, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya yana amsa sunan mahaifinsu.

Shekara da shekaru ba wanda ya damu, domin mutum ne ke duba takarda, kuma ya san Mamman da Muhammadu abu ɗaya ne. Da aka shigo da lambar BVN a 2014, sannan lambar NIN ta zama dole a harkar layin waya da fasfo da jarrabawar JAMB, sai dubawar ta koma hannun kwamfuta. Ita kuwa harafi da harafi take gwadawa.

Kowane irin bambancin suna ne wannan takarda take warwarewa?

A'a, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi da lokaci.

Inda ta fi dacewa shi ne bambancin rubutu zalla, kamar Yusuf da Yusufu, ko Khadija da Khadijat, da kuma inda aka juya jerin sunaye, aka sa na uba a gaba a wata takarda, a wata kuma aka sa shi a baya. Haka nan inda aka taƙaita sunan tsakiya zuwa harafi ɗaya. Duk mai hankali da ya kalli sunayen biyu zai ga kamanninsu, rantsuwar tana ƙara masa natsuwa ne kawai.

Akwai mataki na biyu da ya fi wuya, wato sunayen da mu muka san ɗaya ne amma a rubuce ba su yi kama ba ko kaɗan: Garba da Abubakar, Shehu da Usman, Audu da Abdullahi, Binta da Fatima, Kulu da Hauwa. Ma'aikacin banki a Zariya ba zai yi gardama ba. Wanda ke duba fayil ɗinka a hedikwata a Legas, ko a ofishin jakadancin wata ƙasa, sunaye biyu daban yake gani, kuma ba laifinsa ba ne. A irin wannan hali rantsuwa ita kaɗai ba ta cika isa ba, sai an haɗa da wata shaida daga wajen da ya san ka da sunayen biyu, misali wasiƙa daga makarantar da ka yi ko ma'aikatar da ka yi wa aiki.

Mataki na uku shi ne wanda ya ajiye suna ya ɗauki wani, kamar wanda ya musulunta, ko matar da ta koma amsa sunan miji, ko wanda ya cire sunan kawun da ya riƙe shi ya mayar da na mahaifinsa. Wannan sauya suna ne, kuma hanyarsa daban. Idan ka je ka rantse cewa kuskuren rubutu ne alhali sauyi ka yi, ka faɗi abin da ba haka yake ba a ƙarƙashin rantsuwa.

An ce Kotun Ƙoli ta taɓa cewa afidabit ba ya gyara suna. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma shari'ar ta girgiza ƙasa. Ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon na jam'iyyar APC a matsayin gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa. Matsalar ba daga shi ta fito ba, daga mataimakinsa ne, Biobarakuma Degi-Eremienyo, wanda takardun karatunsa da ya miƙa wa hukumar zaɓe suke ɗauke da sunaye mabambanta. Ya nuna takardun rantsuwa da sanarwar jarida don ya haɗa sunayen, kotu ba ta gamsu ba. Washegari Douye Diri na PDP aka rantsar.

Abu biyu lauyoyi suka ɗauka daga hukuncin. Na ɗaya, kuskuren da ke kan satifiket, hukumar da ta bayar da shi ce ke da hurumin gyarawa, ba mai satifiket ɗin ba ta hanyar rantsuwa. Na biyu, mai son sauya suna ya bi ta takardar da lauya ke tsarawa mai suna Deed Poll, a kuma buga a gazet ɗin gwamnati.

Wannan ba ya nufin takardar rantsuwa ta mutu. Bankuna da makarantu da ofisoshi suna nemanta har gobe. Amma a ganina, duk wanda ke da niyyar tsayawa takara, ko neman babban muƙami inda abokin hamayya zai tona fayil ɗinsa, kada ya kwanta a kan afidabit. Ya koma wa hukumar jarrabawa ko jami'ar tun da sauran lokaci.

A ina ake yin ta, kuma gaban wa?

A rajistirin kotu, gaban kwamishinan rantsuwa. Babbar Kotun Jiha da Babbar Kotun Tarayya duk suna yi, kotunan majistare da dama ma suna yi. Haka kuma ana iya yi gaban lauyan da ke da lasisin notari, wanda ba kowane lauya ne ke da shi ba. Kafin ka tashi, tambayi ofishin da ya nemi takardar ta wace kotu suke karɓa, domin wasu sun ƙayyade cewa sai ta Babbar Kotu, kuma ba daɗi ka biya sau biyu.

Tafi da katin shaidarka, da hoton fasfo biyu, da asalin takardun da sunayen suka saɓa tare da kwafinsu. Za a buga takardar, ka biya kuɗin kotu a karɓi rasit, sannan ka sa hannu a gaban kwamishinan, ba a gida ba. Shi ma ya sa hannu, ya buga hatimi, ya rubuta kwanan wata. Kuɗin ya bambanta daga kotu zuwa kotu, na mai buga takarda kuma daban ne da na gwamnati.

Me ya kamata a rubuta a ciki?

Dokar Shaida ta 2011 ta tsara siffar takardar rantsuwa. A fara da cikakken sunan mai rantsuwa, da sana'arsa, da inda yake zaune, da ƙasarsa. A rubuta da bakinsa, wato "ni wane", a sakin layi masu lamba bi da bi. Kuma a tsaya kan abin da ya faru kawai, ban da roƙo, ban da muhawarar shari'a.

Bari mu ƙaddara wani malamin makaranta da ya yi ritaya, don a ga yadda abin yake a aikace. Satifiket ɗinsa na kwalejin horon malamai yana ɗauke da Abubakar Mohammed. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce Garba Mohammed Funtua. A katin NIN shi ne Abubakar Muhammad Funtua, a banki kuma Mohammed Garba. Kamfanin fansho ya ce ba zai biya ba sai sunan asusun banki ya yi daidai da na NIN.

Kafin ya doshi kotu, ya baza takardun huɗu a kan tabarma ya yanke shawara ɗaya: wane suna zai riƙe daga yau? Mafi sauƙi ya riƙe na NIN, tunda sauran hukumomi daga can suke janyo bayani, kuma sunan ya haɗa Abubakar ɗin satifiket da Funtua ɗin takardar aiki. Da wannan suna zai buɗe rantsuwar.

Daga nan kowace siga ta samu sakin layinta. Ya ce a satifiket mai lamba kaza, na shekara kaza, an rubuta sunansa Abubakar Mohammed. Ya ce a takardar ɗaukar aiki mai lamba kaza an rubuta Garba Mohammed Funtua. Ya ce a asusunsa na banki kaza an rubuta Mohammed Garba. Sai ya faɗi dalili a taƙaice: Garba laƙabi ne da ake kiran mai suna Abubakar da shi a ƙasar Hausa, Mohammed da Muhammad suna ɗaya ne na mahaifinsa, Funtua kuma garinsu ne. Sannan ya ce duk sunayen nan nasa ne shi kaɗai, kuma wanda yake so a riƙa amfani da shi shi ne na NIN da ya buɗe rantsuwar da shi. A rufe da cewa ya yi rantsuwar da zuciya ɗaya bisa Dokar Rantsuwa. Ya liƙa kwafin takardun a baya, kowanne da alamarsa.

Inda ake yawan ɓata aikin shi ne wajen bugawa. Mai buga takarda yana da tsohon samfuri a kwamfutarsa, sunaye kawai yake canzawa, kuma yana sauri domin layi na jiransa. Sau da yawa sai ya "gyara" maka Mohammed ɗin satifiket ya koma Muhammad, ya zama rantsuwar ba ta ambaci ainihin abin da ke kan takardar ba. Ɗora yatsa a kan kowane suna, ka gwada shi da asalin takardar harafi bayan harafi kafin ka sa hannu. Idan an samu kuskure a sake bugawa, kada a goge da farin ruwa, domin duk gyaran da aka yi a jikin takardar rantsuwa sai kwamishinan ya sa hannu a gefensa kafin ya karɓu.

To bayan ya karɓo takardar, shi ke nan?

Yanzu ma aikin ya fara. Malamin nan zai kai takardar bankinsa, tare da katin NIN da duk abin da suka ƙara nema, ya cike fom ɗin gyaran bayanan BVN, domin sunan asusun ya koma daidai da na NIN. Zai je ma'aikatar ilimin da ya yi wa aiki ya nemi wasiƙa mai cewa Garba Mohammed Funtua da ke fayil ɗinsu shi ne wannan Abubakar ɗin, kuma a wurin kamfanin fansho wannan wasiƙa tana iya fin rantsuwar nauyi, tunda ba shi ya rubuta wa kansa ba. Tsohon satifiket ɗin kwalejin kuwa, wanda wataƙila makarantar ma ta sauya suna ko an haɗe ta da wata, shi ne zai ci gaba da yawo tare da takardar rantsuwar a maƙale.

Ka ga ke nan takardu iri biyu ne: waɗanda ake iya gyarawa, a je a gyara su, da waɗanda gyaransu ya yi wuya, su ne rantsuwa take rakawa.

Idan sunan da ke kan NIN ɗin ne ba daidai ba fa?

Sai a fara da shi kafin komai. Hukumar NIMC, mai bayar da lambar NIN, ita ce kaɗai ke gyara nata rikodin, tana da shafin da mutum ke neman gyara da kansa, kuma akwai kuɗin da ake biya. Ga ɗalibai abin ya fi gaggawa, domin JAMB daga NIMC take ɗauko suna. Yaron da ya yi rajista da kuskure, kuskuren zai bi shi zuwa takardar shiga jami'a, daga can ya tarar da shi a wajen bautar ƙasa. Iyaye su gwada sunan NIN da wanda makaranta ta tura wa hukumar jarrabawa tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare.

Dole ne sai na buga a jarida?

Don bambancin harafi ɗaya ko biyu, wurare da yawa ba sa nema. Idan an ƙara suna, ko an cire, ko sunayen ba su yi kama ba, bankuna da hukumomi sukan nemi sanarwa a jaridar da ake sayarwa a faɗin ƙasa. Idan ka buga, sayi jaridar ka adana shafin gaba ɗaya, yadda sunan jaridar da kwanan wata za su fito. Guntun da aka yanke da almakashi ba ya nuna ranar da aka buga.

Mahaifinmu ya rasu, sunan da ke takardar filinsa ya saɓa da na takardar shaidar rasuwa. Za mu iya rantsewa a madadinsa?

Allah ya jiƙansa. Za ku iya, amma ba a madadinsa ba, a matsayinku na waɗanda suka san shi. Wanda zai rantse ya faɗi dangantakarsa da mamacin, ya faɗi yadda aka yi ya san sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Abin da bai gani da idonsa ba, aka gaya masa, doka ta ce ya ambaci wanda ya gaya masa da lokacin da wurin. Shi ya sa matar mamacin ko ƙaninsa sukan fi ɗan da aka haifa bayan an sayi filin dacewa da wannan rantsuwa.

Ku sani kuma takardar ba ta raba gado, ba ta mayar da fili sunan kowa. Tana tabbatar da wane ne mamacin kawai. Rabon gado na kotu ne, sakin kuɗin da ke banki kuma yana da nasa takardun.

Yarinyata shekararta 12, an rubuta sunanta ba daidai ba a takardar haihuwa. Ita za ta rantse?

A'a Hajiya, ke ko mahaifinta ne za ku rantse a matsayin iyaye. Sannan ku kai wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita ke bayar da takardar haihuwa, a gyara tun yanzu da takardunta ba su yi yawa ba.

Ban iya karatun Turanci ba. Yaya zan rantse a kan abin da ban karanta ba?

Doka ta yi tanadin wannan. Dole a karanta maka takardar, a fassara maka da harshen da kake ji, kuma a rubuta a ƙasanta cewa an yi hakan kuma ka nuna ka fahimta, kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Idan babu wannan bayani a jiki, ana iya ƙalubalantar takardar daga baya. Kada kunya ta sa ka yi shiru, ka ce a karanta maka da Hausa.

A bakin kotu wani ya ce in ba shi kuɗi in zauna a inuwa, zai kawo mini a gama. Akwai matsala?

Akwai. Rantsuwa sai mai ita ya bayyana gaban mai karɓarta. Wasu daga cikin masu tare mutane a ƙofar kotu suna kai takardar ciki da gaske, wasu kuwa hatiminsu na cikin jaka, a bayan shago za a buga maka. Ranar da banki ko ofishin jakadanci ya aika kotu neman tabbaci aka duba rajista ba a ga takardarka ba, kai za a tuhuma, shi ya daɗe da ɓacewa.

Takarda ta gaske tana da rasit na kotu, kuma yawanci ana rubuta lambar rasit ɗin a jikinta. Sunan kotu ya fito sarai a hatimi, akwai sa hannun kwamishina da kwanan wata. In wani ya yi maka tayin mayar da kwanan watan baya don takardar ta zama kamar tsohuwa, tashi ka bar wurin, wannan jabu ne kai tsaye.

Idan mutum ya rantse a kan ƙarya fa?

Laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, haka ma a dokar laifuka ta Kudu, kuma yana kai mutum gidan yari. Wanda aka fi gani shi ne mai ɗaukar sakamakon jarrabawar ɗan'uwansa, ko na wansa da ya rasu, ya rantse cewa sunan nasa ne. Irin wannan yakan tonu ta shekarar haihuwa, ko hoton da ke kan satifiket, ko rajistar makarantar da ta nuna yara biyu ne daban. Ga Musulmi kuma, ya san matsayin rantsuwar ƙarya da gangan ba sai an tuna masa ba, ko da a rajistiri ba a miƙo masa Alƙur'ani ba.

Za ta yi mini aiki a ƙasar waje?

Ba kai tsaye ba. Yawanci sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tantance ta, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka ya buga nasa hatimi, wasu kuma su nemi a fassara ta. Tambayi makarantar ko ofishin da zai karɓa tun kafin ka fara, domin wasu sun fi son wadda notari ya yi.

Masu takardu a Najeriya da Nijar duka suna da nasu ciwon kan, domin can rubutun Faransanci ake bi: Usman ya zama Ousmane, Yusuf ya zama Issoufou, Muhammadu ya zama Mahamadou. A wasu ƙasashen da ke aiki da Faransanci akwai takardar da ke yin wannan aiki, sunanta certificat d'individualité, kuma hukuma ce ke bayar da ita bayan ta duba takardun. Idan a can za ka yi amfani da shaidar, ita za ka nema.

Tana lalacewa bayan wani lokaci?

Takardar rantsuwa ba ta da ranar ƙarewa, sai dai wani ofishi yana iya cewa shi sabuwa yake so. Idan za ka sake yi, ɗauki tsohuwar ka tafi da ita a kwafi abin da ke ciki daidai, domin takardun rantsuwa biyu masu faɗin abu daban sun fi rashin takardar illa. Asalin kuma ka riƙe shi a wurinka, kwafi za ka riƙa bayarwa, sai inda aka ce lallai a ga asali, a gani a dawo maka da shi.